Dogon kwoteshin a firojek: kurakuran da ke sa sufabaiza ya dawo maka da aiki da jan biro

Shagona na taifin da firintin yana wani ƙauye ne a gefen Gumel, kuma in lokacin firojek ya zo ɗalibai ne ke cika min benci tun safe, wasu da filash, wasu aikin ma a waya yake sai na tura wa kaina ta WhatsApp. Babi na biyu shi ne inda ake cika ɗauko maganar marubuta, kuma nan ne jan biro ya fi yawa. Abin da na lura kusan kullum kuskuren guda ne ake ta maimaitawa wajen dogon kwoteshin, wato in ka ciro maganar wani mai tsawo kalma da kalma ka saka a aikinka.

Da farko sai ka san yaushe ne ma magana ta zama doguwa. A tsarin APA bugu na 7, wanda ya fito a 2019 kuma shi ne 'yan ilimi suka fi kawo min, in maganar ta kai kalma 40 ko ta wuce to ba za ta zauna cikin sakin layinka ba, dole ta koma gefe ta tsaya da kanta. Kalma 39 tana nan cikin layi da alamar zance. Ba sai ka ƙirga da yatsa ba, ka yi hailaitin ɗinta a Word ka duba can ƙasa ta hagu, zai nuna maka adadin. 'Yan adabi masu amfani da MLA su layi ake ƙirga musu: zube in ya wuce layi huɗu, waƙa in ta wuce layi uku, kuma layin naka na kwamfuta ake nufi ga zube, ba na littafin da ka kwafo ba.

To kwanaki wata ƙanwar abokina ta kawo min nata, an dawo mata da shi karo na biyu, duk ranta a ɓace. Ta ce "Yaya ni fa na matsar da shi ciki kamar yadda Malam ya ce, amma dubi yadda ya fito." Na karɓa na duba, maganar kalma 57 ce, layin farko ya shiga ciki sosai, na biyu ya tsaya a rabi, kalma ɗaya ta sauko ita kaɗai a na uku, kamar shukar da aka yi babu igiya. Ina buɗe fayil ɗin na danna Ctrl+Shift+8 sai ga asirin ya tonu, ɗigo ɗigo sun cika farkon kowane layi, ƙarshen kowane layi kuma ga alamar ¶. Wato da sifes ta dinga tura kowane layi, in ta kai ƙarshe ta buga Enter. A kwamfutar da ta yi aikin ya yi kyau tsaf, amma a Calibri 11 ta rubuta, da aka ce ta mayar Times New Roman 12 faɗin haruffa ya canza sai komai ya wargaje. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin ɗalibi, don ba ka gane shi sai an canza font ko an buɗe a wata kwamfutar, wani lokacin sai takarda ta fito.

Gyaran ba wuya. Na yi hailaitin maganar amma na bar alamar ¶ ta ƙarshe ban haɗa da ita ba, na danna Ctrl+H, a Find what na sa ^p, a Replace with na buga sifes ɗaya, sai Replace All. Nan a kula, Word zai tambaye ka ko ya ci gaba da sauran fayil ɗin, ka ce No, in ka kuskura ka ce Yes firojek ɗinka gaba ɗaya zai dunƙule ya zama sakin layi ɗaya (na taɓa yi, Ctrl+Z ne ya cece ni). Sai na sake yi da ^w don tarin sifes ɗin nan su koma ɗaya ɗaya, na goge ɗayan da ya rage a farkon maganar da hannu. Yanzu maganar ta zama sakin layi guda lafiyayye. Daga nan rait-kilik, Paragraph, sai a saita haka:

```
Left: 0.5"  (1.27 cm)
Right: 0"
Special: (none)
Line spacing: Double
Before: 0 pt   After: 0 pt
```

Rabin inci daga hagu kawai, daidai inda sabon sakin layi yake farawa. Mai sauri zai iya danna Ctrl+M, yawanci rabin incin yake ba ka, amma ka leƙa Special ɗin, domin in sakin layinka dama yana da First line to layin farko zai ƙara shigewa ya zama inci ɗaya, wanda ba a so. Ƙarin rabin incin nan yana da wurinsa, sai in maganar da ka ciro sakin layi biyu ce ko fiye, to na biyun da na ukun su ne layinsu na farko zai ƙara shiga, na farkon kuwa a'a. Sannan don Allah a bar wannan Quote ɗin da ke cikin Styles, sunansa ne ke ruɗar mutane, yana karkatar da rubutu ya kai shi tsakiya ya matse shi hagu da dama, babu ɗaya da APA ta nema a ciki.

Wani abin da ta yi, ta matsar da maganar ciki kuma ta sa mata alamar zance a farko da ƙarshe. Wannan aiki biyu ne. Matsarwar ita ce ke gaya wa mai karatu cewa nan ba bakinka ba ne, ta riga ta yi aikin alamar zance, saboda haka a cire su. Inda kawai za su fito shi ne in shi marubucin da kansa ya kawo maganar wani a cikin tasa, to wannan ta cikin za ka sa mata alamar zance mai biyu biyu. A gajeren kwoteshin ne ta cikin ke ɗaukar mai ɗaya ɗaya saboda mai biyun tana waje.

Yanzu ga babbar rigimar, wato ina aya za ta zauna. A nan ko masu digiri na biyu suna faɗawa, saboda hannu ya saba da gajeren kwoteshin inda aya ke zuwa can ƙarshe bayan an rufe baka. A dogon kuwa juyawa ake, aya ta fara zuwa a ƙarshen maganar marubucin, sannan baka da madogara, bayan bakan kuma babu komai. Bari in nuna da misalin da na ƙirƙira, Wane ba kowa ba ne:

```
Gajere: "... kafin damina ta faɗi" (Wane, 2019, p. 45).
Dogo:   ... kafin damina ta faɗi. (Wane, 2019, p. 45)
```

Yadda nake fahimtar da yara shi ne, a gajere madogarar tana cikin jimlarka don haka ayarka ce ke rufe ta, a dogo kuwa madogarar ta duk maganar ce gaba ɗayanta ba ta jimlar ƙarshe kaɗai ba, shi ya sa take tsayawa a waje bayan an gama. Ita ƙanwar tamu aya biyu ta sa, ɗaya kafin baka ɗaya bayansa, wai don kowanne Malam yake so ya samu. Na yi dariya na goge ta biyun. Kuma madogarar a kan layin ƙarshen take ci gaba, ba a buga Enter a sauke ta ƙasa ita kaɗai ko a tura ta dama kamar sa hannu a wasiƙa, in wuri bai isa ba Word zai gangaro da ita da kansa.

Akwai kuma maimaita suna. In ka riga ka ce "Wane (2019) ya bayyana cewa:" a jimlar da ta gabatar da maganar, to a ƙarshe lambar shafi kawai ta rage, (p. 45), ko (pp. 45–46) in maganar ta tsallaka shafi na gaba. In kuma ba ka ambace shi a sama ba, sai ka kawo duka uku a ƙarshe, suna da shekara da shafi. Ɗaya za ka zaɓa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne rashin shafin, kuma shi ne ya fi ba ni wahala, don aya da matsarwa ina iya gyara wa mutum a minti biyu amma lambar shafi ba ni da inda zan samo ta, sai ka koma ga littafin. Ita sai da ta kira wata ƙawarta ta ɗauko mata hoton shafin a waya muna zaune. 'Yan MLA nasu ya fi sauƙi, (Wane 45) babu waƙafi babu shekara babu p., amma wurin zamansa ɗaya ne, bayan aya.

Bayan an gama maganar sai a duba layin da ya biyo baya. Da yawa in sun buga Enter sai matsarwar ta bi su, su yi ta rubuta nasu sharhin a ciki, mai karatu ya ɗauka har yanzu marubucin ne ke magana. Ka mayar da Left zuwa 0. In sharhin ci gaban sakin layin da ka fara ne kafin kwoteshin ɗin, to ya fara daga bakin layi babu First line, in sabon batu ne sai ka shigar da shi kamar kullum. Kuma kar ka rufe sashe da maganar wani ka wuce, ko jimla biyu ce ka faɗi abin da ya sa ka kawo ta.

Saura abu ɗaya da ke jawo musu a shagon nan. Wani zai zo ya ce Malaminsu ya ce inci ɗaya, wani ya ce a matse tazarar layin kwoteshin ta zama Single, wani a matsar hagu da dama. Inci ɗayan nan ba daga iska ya zo ba, haka MLA take a bugu na 7, sai a bugu na 8 na 2016 aka mayar rabin inci, kuma tsarin Turabian shi dama matsattsiyar tazara yake so a dogon kwoteshin. In sashenku yana da takardar ƙa'idar rubuta firojek, ita ce gaba da duk abin da na faɗa a nan, ka zo min da ita mu bi, mu yi wa duk kwoteshin ɗin da ke cikin aikin iri ɗaya tun daga babi na ɗaya. Ita dai ƙanwar tamu takardarsu APA ta ce kawai, muka bi guda shida da ke babinta na biyu ɗaya bayan ɗaya, biyu ma ba su kai kalma 40 ba muka mayar da su cikin layi da alamar zance, na ajiye mata a PDF kafin in fitar don kar ya sake motsi.