Darasi na Bakwai: Zaɓen Gam don Gyaran Kayan Gida

Idan kun shiga kasuwar Katako a Yamai kuka ce a ba ku gam, ko kol kamar yadda masu shago suke cewa, mai shago zai tambaye ku: "Wane iri?" Da yawa daga cikinmu mukan ce kawai a ba mu mai ƙarfi. Nan ne ake fara asarar kuɗi, domin babu gam ɗaya da yake kama komai. Wanda ya riƙe ƙafar kujera shekara da shekaru, idan aka shafa shi a takalmi ba zai kai Juma'a ba.

Kafin ku saya, ku ɗauki abin da ya lalace ku yi masa tambaya uku. Yana shan ruwa kamar katako da fata, ko ruwa yana zamewa a kansa kamar roba? Yana lanƙwasawa idan ana aiki da shi, ko a sandare yake? Idan an haɗa ɓangarorin biyu suna zama daidai, ko akwai giɓi a tsakani? Amsar waɗannan ita za ta nuna muku gam ɗin da ya dace.

Katako

Farin gam na kafintoci, mai kama da kindirmo, shi ne na katako. Da ruwa aka haɗa shi. Katako yana tsotse ruwan, gam ɗin ya shige cikin ƙananan ƙofofin itacen ya bushe a ciki. Saboda haka sai katako tsirara yake kamawa. Idan akwai fenti, ko man goge katako, ko tsohon gam da ya bushe, sabon ba zai sami hanyar shiga ba. Ƙafar kujerar da ta yi sako-sako, a zare ta gaba ɗaya, a kankare tsohon gam daga ƙafar da kuma cikin ramin har sai itace ya bayyana, sannan a shafa sabo. A ɗaure da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tif, a matse har gam ya ɗan tsattsafo a gefe. A bar ɗaurin aƙalla awa 1, kuma kada a zauna a kai sai bayan awa 24. Farin gam ba ya cike giɓi, don haka idan ramin ya yi wa ƙafar yawa, a saka siririn ɓallin katako tare da gam ɗin. Kuma yawancinsa ba ya jure ruwa. Idan kujerar tsakar gida ce da za ta sha damina, ku duba jikin gwangwani ku ga an rubuta D3 ko D4, alamar gam mai jure ruwa.

Takalmi: mu bi aikin daki-daki

A nan za mu daɗe, domin shi ne gyaran da kowane gida yake yi, kuma shi aka fi ɓatawa. Mu ce takalmin fata ne irin na Tawa, mai ƙasan roba, bakinsa ya buɗe daga wajen yatsu kamar tsawon yatsa guda. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne ƙaramin bututun sufa gulu. Kada ku sa shi. Sufa gulu idan ya bushe sandarewa yake yi, takalmi kuwa a kowane taku lanƙwasawa yake. Cikin ƴan kwanaki gam ɗin zai farfashe, ya kuma bar fatar wurin ta yi tauri, har mai gyara ya sha wahalar kankarewa daga baya.

Gam ɗin takalmi shi ne mai ruwan ɗorawa, mai danƙo da wari mai hawa kai, wanda masu gyaran takalma suke ajiyewa a gwangwani. Shi ko ya bushe yana miƙewa yana dawowa tare da fata.

Da farko ku buɗe bakin sosai, ku ɓamɓare har inda tsohon gam yake riƙe da gaske. Ku kakkaɓe yashi da ƙura, domin a garinmu ƙura ce babbar abokiyar gabar gam. Ku goge fuskokin biyu da samfefa mai kaushi har robar ta daina sheƙi, fatar kuma ta yi ɗan gashi-gashi. Ku share garin da tsumma mai tsabta wanda aka jiƙa da alkol, ku bar shi ya bushe. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, saboda maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana kamu.

Sai ku shafa gam siriri a fuska biyun duka, har bakin gefe, da ɗan tsinke ko guntun kwali. Fata tana shanye shafin farko, don haka idan ya bushe kuka ga wurin ya dushe babu sheƙi, ku ƙara mata na biyu. Ku sa tsinke a tsakani don kada bakin ya rufe, ku ajiye a inuwa.

Yanzu sai jira, kuma a nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Cikin wannan gam akwai wani ruwa mai tashi a iska, shi ne mai warin nan. Dole ya fita kafin a haɗa. Idan kuka haɗa da ɗanye, kun rufe ruwan a ciki tsakanin fata da roba, ya rasa ta inda zai fita, gam ɗin ya zauna da laushi. Ku jira minti 10 zuwa 15. A bazara, watan Afrilu da Mayu da zafin Yamai yake wuce digiri 40, ba ya kai haka. Da damina kuwa yakan ɗan wuce. Kada ku dogara da agogo kawai. Ku taɓa da bayan yatsa: idan gam ya biyo yatsan ya yi zare, bai yi ba. Idan kuka ji ɗan kamu amma yatsan ya tashi fes, lokaci ya yi.

Ku daidaita da kyau kafin fuskokin su taɓa juna, domin da zarar sun haɗu ba a ja su a gyara. Ku fara daga ciki ku matso zuwa baki. Sannan ku ɗora takalmin a kan abu mai tauri ku buga da guduma ko'ina, musamman gefe-gefe. Ku lura da masu gyara a bakin titi: bugun nan da suke yi shi ne yake kama aikin, domin ƙarfin matsi wannan gam yake so fiye da daɗewar matsi. Ku bar takalmin ya kwana kafin a taka. Idan wajen yatsu ne da ake yawan tuntuɓe da shi, a ƙara masa ɗinki kaɗan.

Ku yi wannan aiki a waje inda iska take kaɗawa, nesa da murhu, gawayi da taba, domin tururin gam ɗin yana kama wuta, shaƙarsa kuma tana cutar da ƙwaƙwalwa. A rufe gwangwani gam, a ɗora inda hannun yara ba ya kai.

Facin tif na keke ko babur ma a kan wannan ƙa'ida yake: a goge wurin hujin ya fi facin faɗi, a shafa solisho siriri, a jira kamar minti 5 ya bushe, sannan a ɗora faci a danne sosai.

Tangaran

Kofi ko farantin tangaran ba ya lanƙwasawa. Idan ya rabu biyu cif, babu guntun da ya ɓace, ɗigon sufa gulu kaɗan yana kama shi. Da damshin iska yake daskarewa, shi ya sa a hunturu yakan yi jinkiri. Ku ɗan hura wa wurin numfashi kafin ku haɗa. Amma ruwan zafi da yawan wanki suna raunana shi. Idan hannun kofi ne, ko akwai giɓi, ku nemi gam mai bututu biyu, wanda ake kira efoksi. Ku matso daidai-wa-daida daga kowane bututu a kan kwali, ku gauraya minti guda har launin ya zama ɗaya. Mai saurin kamu yana fara tauri cikin minti 5, don haka ku gwada zaman ɓangarorin tun kafin ku gauraya. Kwanon da aka liƙa ta ciki, a daina zuba abinci ko shayi a cikinsa, a mayar da shi wurin ajiye allura ko sabulu. Idan sufa gulu ya manne muku yatsu, kada ku fizge. Ku jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabulu, ko ku sa ruwan goge jan farce, ku murza a hankali. Kada kuma ku share shi da auduga, domin yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata.

Buta, bokiti da jarka

Ku kifa abin ku duba gindinsa. Idan kun ga PE ko PP, ko lamba 2, 4 ko 5 cikin alama mai kusurwa uku, ku riƙe kuɗinku. Irin wannan roba santsi gare ta, gam na shago ba ya kama ta. Zai bushe a kai, ku ɓare shi da farce. Gyaranta sai da zafi: mai liƙin roba yana narkar da guntun roba irinta da ƙarfe mai zafi ya cike tsagin. Tiyon ruwa da aka rubuta wa PVC yana da gam nasa daban, wanda yake narkar da fuskar tiyon biyu su zama abu ɗaya. A shafa, a tura nan take da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa 30.

Idan liƙi ya ɓalle, ku duba kafin ku sake

Wurin da ya ɓalle yana faɗin abin da ya faru. Idan gam ɗin duk ya tattaru a gefe ɗaya, ɗayan yana nan fes, to bai taɓa kama wannan gefen ba: ko ƙura da maiƙo ne, ko ba a goge ba, ko gam ɗin ba na wannan abu ba ne. Idan akwai gam a gefe biyun amma ya rabu a tsakiyarsa, yana da laushi ko danƙo, to an labta da yawa, ko an haɗa da ɗanye, ko efoksi bai gauraya daidai ba, ko kuma an bar takalmi cikin rana a ƙofar masallaci har zafi ya sassauta shi. Idan kuwa fata ce ta yage, ko katako ya tsage kusa da liƙin, gam ya yi aikinsa, abin ne ya ruɓe, ƙarin gam ba zai amfane shi ba sai faci ko canji.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zo aji na gaba da abu ɗaya da aka taɓa liƙawa ya ɓalle. A littafinsa ya rubuta sunan abin, da amsar tambayoyi ukun nan na farkon darasi, da gefen da ya ga gam ya zauna. Masu buta ko bokiti a gida su kwafo haruffa ko lambar da suka gani a gindinsu, mu karanta tare a allo.