Idan D ya fito sifili: kurakuran da aka fi yi wajen tantance ɗigon tsayawa

Na gaji da ganin amsa ɗaya a takardun masu koyon kalkulas: an samo ɗigon da f_x da f_y suka zama sifili, an lissafa D = f_xx·f_yy − (f_xy)², ya fito 0, sai a rubuta "sirdi ne" a wuce. Wa ya ce sirdi ne? Sifilin nan bai yanke hukuncin komai ba. Duba x⁴ + y⁴ da −x⁴ − y⁴ da x⁴ − y⁴ a (0,0). Dukkansu D ɗinsu sifili ne, amma na farko kwari ne, inda f ta fi ƙanƙanta a kewayen; na biyu ƙololuwa, inda ta fi girma; na uku kaɗai ne sirdi, inda take hawa ta wani ɓangare tana sauka ta wani. Gwajin ya gaza, sai a koma kan f kanta, a duba alamar f(x,y) − f(a,b) a kewayen ɗigon.

Wasu kuma sukan ga f_xx > 0 su ce kwari. Wannan doka ta D > 0 ce kaɗai. A x² + y³, f_xx = 2, amma a kan layin x = 0 abin da ya rage shi ne y³, wanda ke sauya alama.

Babban kuskuren, wanda ke kayar har da masu ƙoƙari, shi ne dogaro da miƙaƙƙun layuka. Mutum ya gwada y = 0, ya gwada x = 0, ya ƙara da y = mx, ya ga ko'ina f tana hawa, sai ya ce ya tabbatar da kwari. Bai tabbatar ba. Ga misalin da ake dangantawa da masanin lissafin Italiya Giuseppe Peano:

f(x,y) = y² − 3x²y + 2x⁴

A (0,0), f_xx = 0, f_xy = 0, f_yy = 2, saboda haka D = 0. Sa y = mx, za ka sami m²x² − 3mx³ + 2x⁴. Idan x ƙarami ne, m²x² ke rinjaye, kuma ba ya ƙasa da sifili. A y = 0 ana samun 2x⁴, a x = 0 ana samun y². Kowane layi na cewa kwari. To amma ɗauki x = 0.1, y = 0.015. Sakamakon −0.000025 ne, ƙasa da f(0,0) = 0.

Dalilin zai fito fili idan ka rarraba f zuwa (y − x²)(y − 2x²). Tsakanin lanƙwasassun layukan y = x² da y = 2x² akwai wani siririn yanki inda f ke ƙasa da sifili, kuma yankin ya kai har bakin (0,0). Layin y = mx, idan m > 0, ba ya shiga yankin sai x ya kai m/2. Kowane layi na da ɗan tazararsa ta lafiya, amma tazarar na ƙanƙancewa yayin da m ke raguwa, don haka babu da'ira ɗaya, komai ƙanƙantarta, da ta tsira daga yankin. Ɗigon ba kwari ba ne, ba kuma ƙololuwa ba.

Ni abin da nakan yi, ba na lalube. Nakan tambayi kaina: yaya girman y zai kasance kafin y² da x⁴ su yi daidai ƙarfi? Amsa: y kamar x². Sai in sa y = kx², f ta koma (k² − 3k + 2)x⁴. Abin da ke cikin baka yana ƙasa da sifili idan k na tsakanin 1 da 2, daga nan na ɗauki k = 1.5, wanda ya ba da y = 0.015 a x = 0.1 da muka gwada a sama.

A riƙe wannan da kyau: hanyoyi biyu masu alama mabambanciya sun isa su rushe kwari ko ƙololuwa, amma hanyoyi dubu masu alama ɗaya ba su kafa hujja. Mai son tabbatar da kwari dole ya nuna bambancin f(x,y) − f(a,b) ba ya sauka ƙasa da sifili a duk kewayen, kuma cika murabba'i ne makamin da na fi amincewa da shi. Misali y² − x²y + x⁴, wanda ya yi kama da na sama ƙwarai, D ɗinsa ma sifili ne. Amma ana iya rubuta shi (y − x²/2)² + (3/4)x⁴, kuma wannan ba ya zama sifili sai a (0,0). Kwari ne na gaskiya.

Sauran ƙanana ne. Idan ɗigon ba a (0,0) yake ba, sa u = x − a da v = y − b tukuna, kada kuma ka manta da cire f(a,b). Idan kana son gwadawa da lambobi, kusanci ɗigon sosai, domin x = 1 ba kewaye ba ne. A (x − y)² kuwa, kar ka ruɗe don ƙasan kwarin ya miƙe a kan dukan layin y = x; kowane ɗigo a kansa mafi ƙanƙanta ne, sai dai ba shi kaɗai ba.