Muhawara kan injin ɗab'i da gyaran cocin Turai: inda ɗalibai ke tuntuɓe

Idan aka ba ɗalibi ya kare cewa injin ɗab'i ne ya yaɗa gyaran coci da malamin Jamus Martin Luther ya jagoranta, kuskure mafi yawa shi ne ya tashi ya ce aƙida ba ta da amfani. Abokin hamayya zai tambaye ka me injin ya buga, nan take ka rasa ta cewa. Abin da aka ba ka ka kare shi ne yaɗuwa. Sai ka yarda tun a jimlar farko cewa aƙida ce ta haifi saƙon, sannan ka tsaya a kan cewa ɗab'i ne ya kai shi nesa da sauri.

Daga nan wasu sukan cinye rabin lokacinsu suna ba da tarihin Gutenberg, wanda ya ƙera injin. Jawabin minti uku bai wuce kalmomi 350 zuwa 400 ba. Jimla ɗaya ta isa: injin ya fara aiki a birnin Mainz na Jamus wajen 1450. Sauran lokacin na kwatance ne, kuma shi ɗalibai suka fi mantawa.

Ga yadda ake gina shi. Jan Hus, malamin coci na Bohemiya da ke ƙasar Czech ta yau, ya soki sayar da takardun yafe zunubi, kuma ya ƙalubalanci ikon Paparoma, shekara ɗari kafin Luther. An ƙone shi a Konstanz a 1415, lokacin da ake kwafar littafi da hannu. Mabiyansa sun yi ƙarfi ƙwarai a Bohemiya, amma tafiyar ba ta yi nisa a wajenta ba. Luther kuwa ya fitar da batutuwansa 95 na sukar sayar da takardun a 1517, kafin shekarar ta ƙare an buga su a Leipzig da Nuremberg da Basel. Koke-koken sun yi kama, sakamakon ya bambanta, sai ka tambayi alƙalai abin da ya sauya a tsakani. Kada dai ka ce aƙidarsu ɗaya ce sak, domin ba haka ba ne, kuma za a kama ka.

Akwai kuma masu cewa talakawa sun karanta batutuwan 95. Da Latinanci aka rubuta su, don malamai. Abin da ya isa ga jama'a shi ne gajerun ƙasidu na Jamusanci daga 1518, da zane-zanen Lucas Cranach, da fassarar Sabon Alkawari ta Satumba 1522, wadda aka sake bugawa a Disambar shekarar. Yawancin mutane ba su iya karatu ba, mutum ɗaya ke karanta wa taro a kasuwa ko a gida. Faɗi wannan da bakinka kafin a jefo maka shi.

Hujjar da ta fi kayar da wannan ɓangare ita ce Venice ta Italiya: tana cikin manyan cibiyoyin ɗab'i na Turai, amma Italiya ta zauna a Katolika. Shirya amsa tun daga gida. Ka ce injin yana aiki ne inda masu mulki suka bar shi, kamar yadda Frederick na Saxony ya kare Luther, kuma jerin haramtattun littattafai da Roma ta fitar a 1559 shaida ce cewa cocin kansa ya san haɗarin maɗaba'a.