Yadda ake kashe ƙyallin gilashi a hoto

'Yan'uwa masu ɗaukar hoto a Zariya, ga dabarar da nake son kowa ya riƙe. Kwanaki a Sabon Gari na ɗauki atamfofin da ke bayan gilashin wani shago, na duba hoton, babu komai sai hasken titi. Da matatar folaraiza a bakin kyamarata kuwa! Laifina ne, na tsaya daidai gaban gilashin.

Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska. Idan ya bugi gilashi a karkace, wanda ya dawo ya fi kaɗawa a layi ɗaya da fuskar gilashin. Akwai kusurwar da duk abin da ya dawo yake bin wannan layin kaɗai, ita ce kusurwar Burusta. Ana samunta da tan θ = n, inda θ ita ce kusurwar, n kuma ma'aunin yadda abu ke lanƙwasa hasken da ya shige shi. Ga gilashi n kusan 1.5 ne, wato digiri 56 daga layin da ya fito tsaye daga fuskar gilashin. Ga ruwa digiri 53.

Don haka idan kana taku 2 daga gilashin, matsa gefe taku 3, ka saita kyamara kan wurin gilashin da ke daidai gabanka kafin ka matsa, ka juya matatar a hankali. Za ka ga ƙyallin yana dushewa har launin atamfa ya fito sarai. In ka juya babu canji, ka yi gaba-da-gaba da yawa.

Amma kada ka wahala da madubi ko kwanon rufi marar fenti, ƙarfe ne ke dawo da hasken a dukansu, shi kuwa ba ya tace haske haka.