Yadda Ake Neman Hutu Don Aikin Sa-Kai, Da Yadda Za Ka Nuna Wa Oga Abin Da Zai Ƙaru Da Shi

Yawancin takardun neman hutun aikin sa-kai da ake mayarwa ba amsa, ciwonsu ɗaya ne: mai rubutu ya cika shafi da ladan taimakon al'umma, bai ce komai ba a kan aikin da zai bari da kuma abin da zai dawo da shi. Manaja ya san akwai lada. Abin da yake nema a takardar shi ne wa zai riƙe aikinka, ranar da za ka dawo, da ribar da wurin aiki zai samu. Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: mai kula da sito a wani kamfanin dillancin kayan masarufi da lemon kwalba a cikin garin Katsina, yana so ya shiga zagayen rigakafin shan-inna na gida-gida a matsayin mai ɗaukar lissafi.

Mataki na farko, ka san sunan hutun da kake nema. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ware wani hutu na aikin sa-kai ba. Abin da ta tabbatar wa ma'aikaci shi ne aƙalla kwanakin aiki 6 na hutu da albashi bayan ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa. Saboda haka ƙofofi uku gare ka: a cire daga hutunka na shekara, ko a ba ka hutun uzuri na 'yan kwanaki, ko hutu ba albashi. Ma'aikacin gwamnati ya duba littafin dokokin aiki na inda yake, na kamfani kuma ya duba takardarsa ta ɗaukar aiki. Kada ka rubuta "ina neman hutu" kawai ka bar wa manaja ya zaɓa, domin zai zaɓi wanda ya fi masa sauƙi, ko ya ajiye takardar. Ka faɗi wanda kake so, ka ƙara layi ɗaya na wanda za ka karɓa idan wancan bai samu ba.

Na biyu, ka ƙirga kwanakin da gaske. A nan masu farawa ke yi wa kansu ƙafar ungulu. Zagayen rigakafin kwana 4 ne, sau da yawa daga Asabar zuwa Talata. To amma akwai ranar horo kafin a fara, kuma akan ƙara kwana ɗaya ko biyu a ƙarshe don bin yaran da aka rasa. Wanda ya nemi Litinin da Talata kaɗai, ranar Laraba zai tsinci kansa yana buga waya yana ba da haƙuri, kuma wannan wayar ce ke hana shi hutu na gaba. Ka je wurin jami'in da ke kula da mazaɓarku, ko ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, ka karɓi ranakun a rubuce. Sannan ka sa ranar horo da ranar ƙari a cikin abin da ka nema. Idan ba a yi ƙarin ba, ka koma aiki da wuri. Haka kuma ka duba kalandar wurin aikinka: idan zagayen ya faɗo ranar ƙidayar kaya ta ƙarshen wata, ko makon jajibirin Sallah da motoci ke layi a bakin sito, ka haƙura ka jira zagaye na gaba. Miƙa takarda sati biyu kafin ranar shi ne mafi ƙaranci.

Na uku shi ne gundarin maganar, wato sakin layin da zai bayyana ƙwarewar da kamfani zai samu. Mutane sukan rubuta cewa za su koyi shugabanci, da haƙuri, da iya hulɗa da jama'a. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar amincewa da hutu ya karanta wannan har ya gaji, kuma ba abin da zai iya aunawa a ciki. Hanyar da ta fi ita ce ka fara daga matsalar da manajan ya riga ya sani a wurin aikin, sannan ka nemo abin da za ka yi da hannunka a aikin sa-kan wanda ya yi daidai da ita.

Duba abin da mai ɗaukar lissafi yake yi a ayarin rigakafi. Da safe ana ba ayarin kwalaben allura a ƙirge, a cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara. Kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ana ɗiga masa ɗigo biyu, a shafa masa alama a ƙaramin yatsa, mai lissafi ya ja layi a takardar ƙidaya nan take, a rubuta alamar gidan da alli a jikin bango ko ƙofa. Da yamma dole lissafi ya haɗu. A ce kwalbar ta yara 20 ce, an ba ku kwalba 10, kun dawo da ɗaya ba a buɗe ba. Kenan kun buɗe 9, wanda ya isa yara 180. Idan takarda ta nuna yara 170, saura 10 asara ce da za ku yi bayaninta. Idan kuwa ta nuna 200, an san akwai wanda ya zauna gindin bishiya ya cike takarda. Ana tattara wannan a taron bitar yamma kowace rana, ba a barin sa ya kwana.

Yanzu dawo sito. Idan kowane ƙarshen wata ana samun giɓi tsakanin katan ɗin da littafi ya nuna da waɗanda ke kan kanta, kuma ba a gane ranar da giɓin ya shigo ba saboda sau ɗaya ake ƙidaya a wata, ka samu abin rubutawa. Ƙwarewar ita ce haɗa lissafin abin da aka karɓa, da wanda aka fitar, da wanda ya dawo, a rana ɗaya, a takarda ɗaya. Manajan da giɓin nan ke hana shi barci zai tsaya a wannan layin ya sake karantawa.

Ƙwarewa biyu sun isa, uku sun yi yawa. Ta biyu a misalinmu ita ce lura da sanyi: a jikin kwalbar allurar akwai wata 'yar alama mai murabba'i a cikin da'ira, idan murabba'in ya yi duhu ya kai launin da'irar, zafi ya lalata allurar, a ajiye ta gefe. Wanda ya saba duba wannan sau da yawa a yini a zafin Katsina zai iya tsara takardar duba firiza safe da yamma a siton da ke ajiye yogot da lemo. Amma idan kamfaninku siminti yake sayarwa, ka cire wannan gaba ɗaya. Ƙwarewar da ba ta da wurin zama a aikinku tana rage wa takarda nauyi ne. Kuma kada ka yi alkawarin abin da kwana 4 ba za su ba ka ba. Ba za ka dawo ma'aikacin lafiya ba, ba kuma za ka dawo akanta ba.

Kowace ƙwarewa ka ɗaura mata abu guda da za ka miƙa, da rana. Ga yadda tsakiyar takardar za ta kasance, ko da Turanci za ka rubuta ta, ma'anar ke nan:

"Ranka ya daɗe, ina neman hutun kwanakin aiki 4 daga cikin hutuna na shekara: Alhamis don horo, sai Litinin zuwa Laraba, domin aikin rigakafin shan-inna a mazaɓarmu a matsayin mai ɗaukar lissafi. Zan dawo aiki ranar Alhamis da safe, in Allah ya yarda. A aikin zan riƙa haɗa lissafin kayan da aka karɓa da wanda aka yi amfani da shi kowace yamma. Cikin mako guda da dawowata zan kawo maka samfurin takarda mai shafi ɗaya ta haɗa lissafin sito kullum, mu gwada ta wata guda a kan kaya biyar da suka fi yawan giɓi. Mataimakina ya amince zai riƙe makullai da littafin sito, kuma za mu ƙidaya kaya tare kafin in tafi."

A takarda ta gaske ka sa kwanan wata a gaban kowace rana. Ka lura an ce kaya biyar, wata guda. Alkawari ƙarami da za ka iya cikawa ya fi "zan gyara tsarin sito", wanda zai sa na sama da kai su ji kamar kana cewa ba su iya aikinsu ba.

Akwai abu biyu da ake ɓoyewa, kuma ɓoyewar ce ke jawo takardar tuhuma. Na ɗaya alawus. Masu aikin rigakafi ana ba su ɗan abin sufuri da abinci, to ka faɗa a layi ɗaya. Idan manaja ya ji daga bakin wani cewa an biya ka alhali kana cin albashinsa, sunan abin ya tashi daga sa-kai ya koma ɗaukar aiki biyu. Na biyu, wanda ya shirya aikin. Ka haɗa da takardar gayyata ko ta shaida daga masu shi, da lambar wayar ofishinsu. Idan aikin na ƙungiyar wani ɗan siyasa ne da sunan tallafi, ma'aikacin gwamnati kada ya kusance shi da takardar hutu, domin dokar aiki ta hana shi shiga siyasar jam'iyya.

Wannan tsarin shi ne dai ga ɗan agajin da ke son zuwa sansanin alhazai, ko mai aikin Red Cross da za a tura wurin ambaliya irin wadda ta afka wa Jibiya a 2018. Shi ƙwarewarsa taimakon gaggawa ce, abin da zai miƙa kuma jerin kayan akwatin agaji na wurin aiki da horon rabin awa ga masu lodi a kan tsayar da jini da ɗaure karaya.

Sauran matakan gajeru ne. Ka fara yi wa shugaban sashenka magana baki da baki kafin takarda ta isa, kada ya fara ganin ta a teburin manaja. Ka bi da ita ta hannunsa, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka. Kuɗin hoton takarda bai kai abin da za ka yi asara ba idan fayil ya ɓace. Kada ka tafi da "ba komai, jeka" na baki, sai an sa hannu. Ka rubuta takardar miƙa aiki, kai da mai riƙe maka ku sa hannu a kan adadin kayan da ke ƙasa. Idan an ƙi, ka tambayi dalili cikin ladabi: in kwanakin ne suka yi yawa, nemi Litinin da Talata, ka gaya wa masu shirya aikin tun da wuri su sa wani a ranar ƙari. Idan ka dawo, ka miƙa takardar da ka yi alkawari a ranar da ka ambata, tare da kwafin shaidar halarta don a sa a fayil ɗinka.