Yadda ake rubuta madogarar maƙala a tsarin APA

'Yan uwa masu rubuta furojet, ga inda nake ganin ana yawan tuntuɓe a APA bugu na 7. Ku dubi wannan:

Watson, J. D., & Crick, F. H. C. (1953). Molecular structure of nucleic acids: A structure for deoxyribose nucleic acid. *Nature*, *171*(4356), 737–738.

Taken maƙalar a miƙe yake. Babban baƙi kuma sai a kalmar farko, da wadda ta biyo bayan ruwa biyu, da sunan yanka in akwai. Abin da ake karkatarwa shi ne sunan mujallar da lambar kundi, wato 171. Lambar fitowa da ke cikin baka kuwa a miƙe take, a manne da 171 ba tazara. Wannan ɗan wurin ne ya sa aka taɓa dawo mini da babi guda, jan biro ko'ina.

Sai shigar layi: na farko yana bakin gefe, sauran su shiga ciki da rabin inci, wato santimita 1.27. Don Allah kada ku yi ta danna Space, da kun canza girman rubutu komai zai wargaje. A Word ku haskaka madogarar ku danna Ctrl+T.

In maƙalar tana da DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin a intanet, a sa shi ƙarshe da https://doi.org/ a gabansa, ba aya a bayansa.