Darasi: Ranar Farko da Sabuwar Talabijin Mai Intanet

Talabijin ta da, kuna sa ta a wuta ku ɗaura eriya, shi ke nan. Ta yanzu, wadda ake kira simat, ba ta fara nuna komai sai ta yi muku tambayoyi, kuma galibi da Turanci take yin su. Yawancin mutane suna danna maɓallin tsakiya na rimot har tambayoyin su ƙare, don yara sun matsu a ga hoto. A wannan darasi za mu bi tambayoyin a hankali. Misalinmu talabijin ce mai tsarin Google TV, irin wadda kamfanoni kamar TCL da Sony suke yi. Ta Samsung da ta LG suna da nasu tsarin, amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, suna ne ya bambanta.

Kafin a kunna

Mutum biyu ne za su fito da ita daga kwali, a tsaye, a riƙe ta ta gefe. Kada a matsa gilashin da yatsa, domin siriri ne, kuma idan ya tsage gyaransa yakan kusa kuɗin sabuwa. In za a ɗaura mata ƙafafu, a shimfiɗa bargo a kan tebur, a kifa ta a kai, sannan a ɗaure kusoshin.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabarta a gidajenmu. A haɗa ta da sitabilaiza ko da ɗan abin nan da ke riƙe wuta na 'yan mintoci bayan an dawo da ita. In akwai dikoda, a zura wayarta a ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta wa HDMI, a kuma lura da lambar ramin, 1 ne ko 2. Ku zaɓi lokacin da wuta ta zauna ko janareta yake da isasshen mai, don aikin yakan ci rabin awa ko fiye.

Harshe, ƙasa da intanet

Da an kunna, za ta nemi a haɗa rimot da ita. Allon zai nuna hoton maɓallan da za a danne tare na ɗan lokaci. Daga nan sai harshe, sai ƙasa. Ku zaɓi ƙasar da kuke zaune a gaskiya. Wasu sukan zaɓi Amurka ko Ingila wai don a sami ƙarin fina-finai, sai agogon talabijin ya rikice, wasu manhajojin kuma su ƙi aiki yadda ya kamata. Idan ta tambaya ko a gida take ko a kanti, wato Home ko Store, ku zaɓi Home. Alamar an yi kuskure a nan ita ce haske mai kashe ido da tallan talabijin ɗin kanta yana ta fitowa a gefe, kuma duk gyaran da kuka yi wa launi sai ya koma yadda yake.

Sai intanet. Za ta jero sunayen Wi-Fi da ke kusa, ku zaɓi naku, ku rubuta kalmar sirri. In daga waya za ku raba, ku kunna Hotspot a wayar tukuna. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a kalmar sirri, kuma sifiri yana kama da harafin O. Mafi yawan "ta ƙi kamawa" daga nan yake fitowa.

Wataƙila ta ce za ta sabunta kanta. Ku bar ta ta gama, ko da ta ɗauke ta dawo da kanta. Kada a cire soket a tsakiyar wannan aiki.

Asusun wa za a sa?

Nan ne zuciyar darasin. Allon zai ba ku zaɓi biyu: Set up Google TV ko Set up basic TV. Na biyun na wanda dikoda da eriya kaɗai yake so ne, kuma ba ya buƙatar asusu. Ba laifi ba ne a zaɓe shi, ana iya komawa na farkon daga baya. Na farkon kuwa shi ne mai ba da damar sauke manhajoji, kuma yana neman asusun Google, wato adireshin imel, galibi mai ƙarewa da @gmail.com, da kalmar sirrinsa. Duk mai wayar Android da yake sauke manhaja yana da irin wannan asusu, ko da ba shi ya buɗe da hannunsa ba.

Wata ɗaliba a ajinmu ta sayi talabijin, yaron shagon ya biyo ta har gida ya ɗaura a bango. Da aka zo wurin asusu ya ce, "Hajiya, kin tuna kalmar sirrinki?" Ta ce, "Wallahi ɗan nan, jikana ne ya buɗe min, ban riƙe ba." Ya ce, "Ba komai, bari in sa nawa." Aka gama lafiya, aka yi masa godiya. Bayan kwana biyu duk lokacin da aka kunna, bidiyon da shi yake kallo a wayarsa ne suke cika allo, a gaban surukai da yara. Abin da ake kallo a gidanta kuma yana shiga tarihin kallonsa. Da ya canza kalmar sirrinsa bayan wata uku, talabijin ta fara neman a sake shiga, ba wanda ya san abin da za a rubuta. Yaron bai yi da mugun nufi ba, sauri yake yi ya koma shago. Sai da muka goge komai muka fara daga farko.

Saboda haka kafin ranar ɗaurawa ku nemo imel ɗinku da kalmar sirri, ku gwada su a waya. In mai ɗaurawa yana tsaye, ku karɓi rimot ku rubuta da kanku. Talabijin za ta ba ku hanya biyu: ku ɗauki hoton wani zane mai murabba'i da manhajar Google Home a wayarku, ko ku rubuta da rimot harafi bayan harafi. Ta biyun tana da gajiyarwa amma ba ta buƙatar sauke komai. Wayarku na iya tambaya ko ku ne kuke shiga, sai ku amsa.

Ko asusun naku ma, ku yi tunani. Talabijin ta falo ta kowa ce. Abin da maigida ya nema a YouTube da dare a wayarsa, irinsa zai bayyana a falo da safe. In an taɓa haɗa katin banki da asusun, yaro mai rimot zai iya sayen fim ko wasa idan ba a sa ta riƙa neman kalmar sirri kafin saye ba. Ni shawarata, a buɗe sabon asusu na gida, na talabijin kaɗai, ba kati a jikinsa. A rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a takarda, a ajiye tare da rasit. Ga yara ƙanana akwai kids profile, inda babba yake zaɓar manhajojin da za su gani da lokacin da za ta rufe musu.

Shafukan yarjejeniya

Bayan asusu sai dogayen rubutu masu ƙananan haruffa su biyo baya. Iri biyu ne. Akwai na dole, kamar Terms of Service, wanda in ba ku yarda ba ɓangaren intanet ba zai buɗe ba. Akwai kuma na ganin dama, kowanne da ɗan akwatinsa. Matsalar ita ce ana sa babban maɓalli mai cewa a yarda da duka a wuri mafi sauƙin dannawa. Ku tsallake shi, ku sauka ku duba akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

A Google TV za ku ga tambaya kan location, wato a san inda talabijin take, da wata kan aika wa kamfani bayanan yadda ake amfani da ita. Kuna iya kashe duka biyun, kallo ba zai tsaya ba. Rimot ɗin yana da makirfo da ke aiki in an danna maɓallinsa. Wasu talabijin suna da wani makirfon a jikinsu don a yi musu magana daga nesa, kuma galibi akwai ɗan makunni a ƙasan allo na kashe shi. In ba ku da niyyar yi mata magana, ku kashe.

Akwatin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na gane abin da ake kallo. Talabijin takan ɗebi ɗan samfuri na hoto ko sautin abin da ke allo, ta aika a kwatanta shi da wata babbar ma'ajiya, a gane shirin da tashar da lokacin. Wannan yana iya haɗawa da abin da ya shigo ta dikoda. Ana amfani da bayanan wajen zaɓar tallan da za a nuna muku. A 2017 kamfanin Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka, bayan an zarge shi da tattara irin waɗannan bayanai daga talabijin miliyan 11 ba tare da izinin masu su ba. A Samsung sunan akwatin Viewing Information Services, kusa da shi kuma akwai na talla mai farawa da Interest-Based. A LG ku nemi Live Plus. Ku bar su a kashe. In an riga an danna yarda, ba a makara ba: a shiga Settings, a nemi akwatin, galibi a wurin da aka rubuta Privacy, a cire alamar.

Lissafin data

Talabijin ba ta san data ta waya kuke ba ta ba, tana ɗauka intanet mara iyaka ce, sai ta zaɓi hoto mafi kyau. A Netflix hoto mai kyau sosai yana iya cin gigabait 3 a awa, matsakaici kuwa kamar 1. Wanda ya sayi gigabait 10 ke nan, ko dai ya yi kallon awa uku da 'yan mintoci, ko ya yi na kusan awa goma. A YouTube, yayin da bidiyo ke tafiya, ku shiga alamar saiti, ku zaɓi Quality, ku sa 480p. Daga kan kujera bambancin bai kai a damu ba. Ku kashe Autoplay ma, don in barci ya ɗauke mai kallo, bidiyo za su yi ta bin juna har data ta ƙare.

Idan an sa asusun wani

Abin da muka yi wa talabijin ɗin Hajiya shi ne mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Hanyar a Google TV ita ce:

```
Settings > System > About > Reset > Factory reset
```

Wannan yana goge asusu da manhajoji da kalmar sirrin Wi-Fi da tashoshin da aka kama, don haka a tanadi abin da za a sake sawa kafin a danna. Haka za ku yi kafin ku sayar da talabijin ko ku ba da ita kyauta, haka kuma in kun sayi ta hannu.

Aiki

Ku kwafi waɗannan kalmomi a littafinku, ku karanta wa na kusa da ku, ku faɗi inda kowacce take fitowa a allo: Settings, Privacy, Accept, Skip, Sign in. Wanda yake da irin wannan talabijin a gida ya shiga Settings yau da dare, ya duba sunan asusun da ke ciki, ya zo mana da amsa: nasa ne, na ɗansa ne, ko na wanda ya ɗaura ta?